Makon farko na sabon yaron shago a Kantin Kwari: abin da za ka koya masa rana bayan rana

Abubuwa biyu ne a shagon yadi idan an yi kuskure a kansu ba sa gyaruwa: yankan almakashi da kuɗin da ya riga ya fita daga hannu. Turmin da aka ajiye ba a wurinsa ba ana mayar da shi, farashin da aka faɗa ba daidai ba ana gyarawa kafin a sallama, amma shaddar da aka yanke ta yanku, kayan da aka miƙa wa mai alat na bogi kuma sun tafi. Don haka tsarin da nake bai wa duk mai ƙaramin shago shi ne ya jera makon farko bisa wannan ma'auni. Yaro ya fara da aikin ido, ya koma aikin tef, sannan almakashi, kuɗi kuwa su zo a ƙarshe. Kuma kowace rana ta ƙare da gwaji guda da kai maigida za ka gani da idonka, domin sabon yaro ko bai gane ba "na gane, Alhaji" zai ce maka, saboda kunya.

Na ɗauki shagon da ke sayar da atamfa da shadda da leshi ɗaiɗai, yana kuma ɗan taɓa sari. Mai shago a Kasuwar Sabon Gari ko a cikin unguwa zai iya bin tsarin nan ba tare da ya canza komai mai yawa ba.

Kafin ya fara: zama ɗaya da wanda ya kawo shi

Kada yaro ya taɓa kaya sai kun zauna ku uku, kai da shi da babbansa, uba ne ko yaya ko kawu. A wannan zaman za a fayyace ko albashi zai riƙa karɓa duk wata, ko kuwa koyon kasuwa ya zo yi wanda za a sallame shi da jari bayan wasu shekaru. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin maigida da yaronsa daga nan take samo asali, kowa ya riƙe abin da ya zata a ransa ba a furta ba. A faɗi kuɗin abinci da na mota na kullum, lokacin buɗewa da na rufewa, ranar hutu, da abin da zai faru idan kaya suka ɓace a hannunsa. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, ka karɓi lambar wayar babban nasa, ka kuma san gidan da yaron yake kwana. Faɗa masa a gabansu cewa a makon nan ba zai bayar da bashi ba, ba zai yi ragin da ya wuce iyakar da ka ba shi ba, kuma ba zai karɓi kuɗin ciniki a asusunsa na banki ba ko da na shago ya ƙi aiki.

Rana ta ɗaya: ya san inda komai yake

Aikin yau na ƙafa ne da ido. Ka zagaya da shi da kanka, ko ka haɗa shi da babban yaronka: ga masallacin da kuke salla, ga bayan gida, ga sito idan yana wani gida daban, ga maƙwabtan da kuke aron kaya a wurinsu, ga ɗan dakon da kuka saba da shi. Kwari wuri ne da baƙo ke ɓata a cikinsa, layuka sun yi kama da juna, don haka ka sa ya fita har bakin titin Ibrahim Taiwo ya dawo shi kaɗai, ya kuma haddace sunan gida da layi da lambar shago yadda zai iya kwatanta wa mai saye a waya.

A cikin shago, ka sa ya sauke kayan kanta ɗaya gaba ɗaya, ya kakkaɓe ƙura, ya mayar. Da gangan nake fara wa yaro da wannan aikin, domin hannun da ya ɗaga turmi ya ji nauyinsa da kaurinsa ya fi saurin rarrabe Holan da mai kama da ita fiye da kunnen da aka yi wa bayani. Yana mayarwa kana faɗa masa suna da aji: wannan sufa ce, wannan Kodebuwa, wannan shadda Gezna, wannan ƙaramar shadda ce. Nuna masa tambari da rubutun da ke gefen atamfa, domin nan masu saye da suka san kaya suke fara dubawa.

Gwajin yamma mai sauƙi ne. Ka kira kaya goma ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko. Idan ya samu bakwai, ya yi ƙoƙari.

Rana ta biyu: tef, ba tare da almakashi ba

Wannan ce ranar da ta fi cancantar lokacinka. Fara da lissafin da zai zauna masa a ka: yadi ɗaya inci 36 ne, rabinsa inci 18, kwata inci 9. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku, kowane falle yadi biyu. Leshi yawanci yadi biyar yake zuwa. Babban mutum mai son kaftani da wando yakan nemi yadi biyar na shadda, mai son ɗinki har da babbar riga kuwa yakan nemi goma.

Tef ɗin tela da muke amfani da shi inci 60 ne tsawonsa, kuma a nan sabon yaro yake fara faɗawa rami, sai ya ɗauka tef ɗaya yadi biyu ne, alhali yadi biyu inci 72 ne. Koya masa dabarar da ke rage kuskure: yadi biyar inci 180 ne, wato tef uku cif, yadi goma kuma tef shida. Nuna masa cewa tef fuska biyu gare shi, ɗaya inci ɗaya santimita, ya tabbata fuskar da yake karantawa. Idan teburinka yana da alamar yadi, ku gwada alamar da sabon tef a gabansa. Tsohon tef yana miƙewa, ƙarfen bakinsa kuma yana cirewa, wanda ya ji jiki a jefar da shi.

Sai maganar mita. Baƙinmu daga Nijar da Chadi da Kamaru da mita suka saba, kuma mita ta fi yadi da inci uku da ɗan ɗoriya. Mita biyar ta kai kusan inci 197, wato ta ɗara yadi biyar da inci 17, saura kaɗan rabin yadi. Yaron da ya ji "biyar" ya kama awo bai tambaya ba, ko dai ya tauye baƙo ko ya cuci shago. Ka sa ya saba da tambaya kafin ya taɓa tef: "Alhaji, yadi ko mita?"

Yadda zai auna kuwa, ya shimfiɗa yadi a kan tebur ya kwanta lafiya, ya auna ta gefen da aka saƙa, kada ya ja. Yadi mai roba idan aka ja shi lokacin awo, yana isa wurin tela sai ya koma yadda yake, ya gaza. Duk inda tef ya ƙare ya danne da babban yatsa, sabon awo ya tashi daga daidai wurin, ba gaba ba, ba baya ba. Ba shi bandir ɗaya ya auna yadi uku, yadi biyar, yadi bakwai da rabi, yana sa alama da alli, kai kuma kana bi kana sake aunawa. Ba zai wuce wannan mataki ba sai ya yi awo goma a jere kuskurensa bai kai rabin inci ba. Idan ya ɗauke shi kwana biyu, a ba shi kwana biyun.

Ka zaunar da shi ka yi masa lissafin dalili, domin yaron da ya ga kuɗin da ke cikin inci biyu ba ya wasa da tef. A ce bandir ne mai yadi 30, ana sayar da yadi naira 6,000, ribar kowane yadi naira 500, ribar bandir gaba ɗaya 15,000 ke nan. Za a fitar da yadi biyar-biyar sau shida. Idan a kowane yanka yaro ya saki inci biyu, yanka biyar sun cinye inci goma, ragowar ƙarshe ta zama inci 170 maimakon 180. Babu mai karɓarta a yadi biyar, dole a sayar a huɗu da rabi, naira 3,000 sun tafi. Kashi ɗaya cikin biyar na ribar bandir ke nan, kuma babu wanda ya saci komai. Tauye awo kuwa ya fi wannan muni, haƙƙin mutum ne da Allah ya yi kashedi a kansa, kuma ranar da tela ya ce wa mai saye yadinsa bai cika ba, ka rasa shi da duk wanda zai kawo.

Rana ta uku: almakashi da duba aibi

Ya fara da ƙyallaye da ragowar yadin da ba a damu da su ba. Ya ninka yadi gefe ya hau kan gefe daidai, ya yanka a miƙe da doguwar tafiyar almakashi, ba ƙananan cizo ba. Yankan da ya karkace yana cin yadi sau biyu, mai saye na yanzu ya samu gefe ɗaya gajere, na gaba kuma sai an datse bakin kafin a auna masa. Akwai yadin da ake ɗan tsaga bakinsa a yage ya tafi a miƙe, akwai wanda yagewa ke jan zarensa ya lalace. Ka ware masa su da sunansu, wanda bai sani ba kuma almakashi kawai. Almakashin yadi ba a yankan takarda ko igiyar dila da shi, a ajiye wani daban don wannan.

Ƙa'idar da zai riƙe ita ce ba a yanka sai abu uku sun tabbata: an gama ciniki an sallama, ya maimaita yawan yadin da baki mai saye ya amsa, kuma an warware an duba. Abin da ake dubawa shi ne tabon mai ko na ruwa, zaren da ya fita, huji, da layin da rana ko ƙura suka bari a kan ninki. Idan yadi goma ake so kuma bandir ba zai kai ba, kada ya cike daga wani bandir sai ya haɗa su gefe da gefe a hasken rana, domin launi ɗaya daga kamfani ɗaya yakan ɗan bambanta tsakanin bandir da bandir. A ƙarƙashin ƙwan shago fari da ruwan madara sukan rikita ido, haka ruwan toka da ruwan ƙasa mai haske. Mai ɗinkin anko ko wadda ta zo da ƙyalle tana neman irinsa, a fita da ita bakin ƙofa ta gani.

Ya kuma koyi ninke atamfar da aka warware ta koma ninkinta na asali, tambari a sama. Turmin da aka ninke a hargitse kamar wanda aka dawo da shi yake, mai saye sai ta nemi ragi. Da yamma ka bar shi ya yi yanka uku na gaske kana tsaye a kansa.

Rana ta huɗu: baki

Yau zai tsaya kusa da kai ya saurari ciniki, ya fara tarbar mutane. "Sannu da zuwa Hajiya, bismilla ga kujera, me za a kawo?" Dattijo Baba ne ko Alhaji, matashiya Anti ko Hajiya, ba a ce wa kowa "ke" ko "kai" gatsal. Ya miƙa kaya da hannun dama, waya kuma ta koma aljihu muddin akwai mutum a shago.

Kowane kaya yana da farashin da ake fara faɗa, da wanda ake sallamawa, da na sari ga mai ɗaukar da yawa. A makon nan ka ba shi na farko da na biyu kawai, a rubuce a ƙaramin littafi, kuɗin da ka saro kuwa ba yanzu ba. Idan aka taya ƙasa da iyakarsa, ya ce "albarka" cikin fara'a, idan an matsa ya ce "bari in tambayi Alhaji." Wannan jumla ba abin kunya ba ce, ita ce garkuwarsa. Ka hana shi rantsuwa a kan kaya, ka hana shi kiran atamfa da sunan da ba nata ba. Idan Hajiya ta tambaya ko tana zuba kuma bai sani ba, ya tambaye ka a gabanta.

Ka nuna masa 'yan kayi-nayi da dillalan da kuke hulɗa da su, da yadda ake lissafin la'adarsu. Za su gane sabo ne tun ranar farko, wani zai zo ya ce "ba ni turmi biyu in nuna wa mai saye, Alhaji ya san ni." Ko da gaskiya ne ka san shi, kaya ba sa fita sai da izininka kuma sai an rubuta suna da iri da adadi a littafi. Haka idan maƙwabci ya aiko aro. Sannan idan mutane uku suka shigo tare, ɗaya yana sa shi hawa sama ya sauko da kaya, ya san cewa idonsa na kan waɗanda ke ƙasa, kuma kada ya tara fiye da turmi huɗu ko biyar a warware lokaci ɗaya.

Rana ta biyar: kuɗi

Tsabar kuɗi ya ƙirga a gaban mai su, ya faɗi adadin da baki, kada ya jefa a aljihun tebur sai ya bayar da canji. Da haka ake kauce wa gardamar "ai dubu goma na ba ka." Ya saba da taɓa takardar naira 1,000 da ta 500, wadda ya ji santsinta ko kaurinta bai yi masa ba ya miƙo maka ba tare da ya zargi kowa ba.

Taransfa ce ta fi cin mutane yanzu. Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit a wayar mai saye ma ba shaida ba ne, duka biyun ana ƙirƙirarsu. Shaida ɗaya ce, a buɗe manhajar bankin shago ko na'urar POS a ga kuɗin sun shiga, a duba sunan mai turowa da adadi da lokaci. Ya ƙirga sifili da kyau, domin 9,500 da 95,000 a ido mai gaggawa kusan ɗaya suke. Idan ba ka nan, ya kira ka ka tabbatar kafin kaya su bar shago. Mai gaskiya zai jira, a ba shi kujera da ruwa. Wanda ya fara ɗaga murya yana cewa motarsa za ta tashi, a nan ne ma ya kamata yaro ya ƙara natsuwa.

A kan POS, abin da zai nema a fuskar na'ura ko a takarda shi ne APPROVED. Idan ta nuna DECLINED amma mai kati ya ce an cire masa kuɗi, hakan yana faruwa da gaske, sai dai kuɗin ba su zo wurinku ba. A ba shi takardar ya riƙe, bankinsa ne zai mayar masa, kaya kuma a ajiye masa a gefe da sunansa.

Kowane ciniki ya shiga littafi nan take: irin kaya, adadi, kuɗin da aka sallama, da hanyar biya. Da yamma ku rufe lissafi tare, shi yana rubutu kai kana kallo. A ce an buɗe da canjin naira 20,000, littafi ya nuna cinikin 186,000. A ciki taransfa 95,000, POS 40,000, bashin da kai ka amince 21,000, saura tsaba 30,000. An kashe 1,500 na dako, 3,000 na abinci, 4,000 na man janareta, jimla 8,500. Abin da ya kamata a tarar a aljihun tebur shi ne 20,000 a haɗa da 30,000 a cire 8,500, wato 41,500. Aka ƙirga aka samu 39,500, babu 2,000.

A nan kada ka fara da zargi, ka koya masa bin sawu. A sake ƙirga kuɗin. A duba ko an kashe wani abu ba a rubuta ba. A gwada kowace taransfa da abin da ke littafi. Sannan a bi ciniki ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa a nan ake samunsa: turmin da aka rubuta 14,000 tun ana cikin ciniki, daga baya aka sallama a 12,000 ba a gyara ba. Yaron da aka yi wa tsawa a kan giɓin farko zai koyi ɓoye giɓi, wanda aka bi sawu tare da shi kuwa zai riƙa kawo maka da kansa.

Rana ta shida: buɗewa, rufewa, wuta da ruwa

Waɗanda suka ga ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ba sa buƙatar a gaya musu dalilin da ya sa ba a barin dila a ƙasa. Kaya su kwana a kan katako ko kanta, ko da rani ne, don hannu ya saba. Kafin a rufe a zare duk abin da ke jikin soket, a kashe babban makunnin wuta, janareta ya huce a waje, man fetur kuma kada ya kwana kusa da yadi. Nuna masa tukunyar kashe gobara da yadda ake zare fil ɗinta a nufi gindin wuta. Kwaɗo kowanne a ja shi da hannu bayan an datse. Ya yi duk wannan da kansa yau kana biye da shi, amma makulli ya koma aljihunka. Idan Juma'a ta faɗo cikin makon, nan ma ya ga yadda kuke shigar da kayan da aka baje a waje ku rufe kafin tafiya masallaci.

Rana ta bakwai: ka koma gefe

Ka zauna a shagon maƙwabci inda kana hango shi, ka bar shi ya ɗauki mai saye ɗaya daga sallama har ɗaure kaya. Abin da kake dubawa: ya tambayi yadi ko mita, ya warware ya duba aibi, ya maimaita adadi kafin ya yanka, ya tabbatar da kuɗi kafin ya miƙa leda, ya rubuta kafin ya juya ga wani. Da yamma ku ƙirga kayan kanta ɗaya ku gwada da littafi, sannan ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya, ka saurara har ya gama.

Abin da ya ci a gwajin shi za ka sakar masa a mako na biyu, abin da ya faɗi a maimaita ranarsa. Idan awonsa ya yi kyau amma lissafi na ba shi wahala, ya riƙe tef da almakashi, kuɗi su ci gaba da bi ta hannunka ko na babban yaro. Bashi da ragin da ya wuce iyaka da makullin shago kuwa su jira sai kun rufe lissafin wata guda tare, ka kuma kira wanda ya kawo shi ka gaya masa yadda makon ya kasance.